Yadda ake fitar da jerin keɓaɓɓun kalmomi daga takardun kwas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na sashen Hausa a nan Kano. An haɗa mana takardun zangon nan wuri ɗaya, shafi 180, na malamai uku: tsarin sauti, ginin kalma da waƙa. Ina so in fitar da muhimman kalmomin ciki tare da gajeriyar ma'anarsu kafin jarrabawa, amma da yawa ba a faɗi ma'anarsu ƙarara ba, amfani da su kawai aka yi a cikin bayani. Na fara, na kai kalma 40 a shafi 15 kacal, sai na rikice. Ta ina zan kama? Daga wata ɗaliba, Kabuga.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa karatu albarka. Ayyuka biyu kika haɗa a lokaci guda, tsintar kalma da rubuta ma'anarta, shi ya sa abin ya cakuɗe miki. Raba su za ki yi. A zagayen farko ki bi takardun daga bango zuwa bango da fensir, kina tsinta kawai, kada ki rubuta ma'anar ko da kalma ɗaya. Sai a zagaye na biyu za ki zauna wa ma'ana.

Ki sami littafin rubutu, kowace kalma ki ba ta layinta, duk inda kika sake cin karo da ita ki ƙara lambar shafin a gabanta. Wadda ta cancanci shiga ita ce wadda ta zo a kanun darasi, ko malami ya ja mata layi, ko ta dawo a wurare biyu zuwa uku, ko kuma wadda in aka ce "yi bayaninta da misali" za ta iya zama tambayar jarrabawa. Kalmar da ta ba ki wuya don kawai ba ki saba jin ta ba, wannan ta ƙamus ce, ki duba ki wuce. A ganina takardu masu wannan kaurin bai kamata su ba ki fiye da kalma 70 zuwa 90 ba. A yadda kika faro, sai kin doshi 500, kuma ba wanda zai iya bitar wannan a daren jarrabawa.

Dalilin da na hana ki rubuta ma'ana tun farko shi ne, wurin da kalma ta fara fitowa ba kasafai yake ɗauke da ma'anarta duka ba. Malami yakan fara da misali mafi sauƙi, ragowar sai can gaba. Bari mu ɗauki kalma ɗaya daga fanninki mu bi ta har ƙarshe: ganɗantawa.

A ce a shafi na 23 kin ga an rubuta cewa jam'in mota shi ne motoci, t ta koma c saboda ganɗantawa. Mai gaggawa zai rubuta nan take: ganɗantawa ita ce komawar t zuwa c. Bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauki kunnen giwa ya ce ita ce giwar. Ke kuwa lambar shafi kawai kika rubuta kika ci gaba. A shafi na 31 sai ga ƙasa da ƙasashe, ga kaza da kaji. A shafi na 88, cikin takardar malamin ginin kalma, sai ga gida da gidaje, ga ɓarawo da ɓarayi. Yanzu kin tara wurare uku da misalai biyar, sai ki jera su ki tambayi kanki abu biyu: mene ne ke sauyawa, kuma mene ne bai taɓa sauyawa ba a cikinsu duka? Abin da ke sauyawa shi ne baƙin: t ta koma c, s ta koma sh, z da d sun koma j, w ta koma y. Abin da ya tsaya daram shi ne wasalin da ke biye da baƙin, kullum i ne ko e. To ma'anar ta fito da kanta, kuma daga cikin takardunki ta fito: ganɗantawa sauyi ne da ke samun baƙi idan wasalin i ko e ya biyo shi, furucinsa ya karkata wajen ganɗa, kamar mota da motoci.

Ki lura da ginin wannan jimla, domin da shi za ki gina sauran. Ta fara da gidan da abin yake, wato sauyi ne na sauti. Ta kawo abin da ya raba shi da 'yan uwansa, wato zuwan i ko e da karkata wajen ganɗa. Ta rufe da misali guda. Ba ta wuce kalma 25 ba. In kika ga ma'anarki ta kai layi biyar, kin koma kwafar darasi.

Saura gwaji, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke tsallakewa. Ki ɗauki ma'anar da kika rubuta ki koma kowane shafi da kalmar ta fito, ki cire kalmar ki sa ma'anarki a gurbinta, ki ji ko jimlar malamin ta zauna. A ce akwai wuri na huɗu, shafi na 36, inda aka ce k ta kifi da g ta gida ana furta su da ganɗantawa ko da yake rubutu ba ya nunawa. Da kin rubuta cewa ganɗantawa ita ce komawar harafi zuwa wani harafi, nan za ta karye, don ba harafin da ya sauya a kifi. Amma da yake furuci kika ce, ta ɗauke shi. Sannan ki nemo abin da zai ƙaryata ki. Tebur fa? Siminti fa? Ga t kafin e, ga s kafin i, ba su sauya ba. Wannan ya nuna miki kada ki sa kalmar "kullum" a ma'anar. In takardar ta yi maganar kalmomin aro ko ta ce sauyin ya fi aukuwa inda ɗafi ya haɗu da saiwa, ki ƙara shi a gefe da lambar shafinsa. In ba ta yi ba, ki sa alamar tambaya ki kai wa malamin.

Akwai kalmomin da takarda ke daga miki tuta da su, ki saba da su: wato, shi ne, ana nufin, ana kiran wannan, saɓanin. Abin da ya biyo bayan "wato" yawanci ma'ana ce tsaf, sai dai ki taƙaita. Shi kuwa "ana kiran wannan" baya yake nunawa, ma'anar tana jimlar da ta gabace shi. "Saɓanin" kuma kyauta ce, kalma biyu take ba ki lokaci guda, kamar inda aka ce ɗafa-goshi yana zuwa a farkon kalma saɓanin ɗafa-ƙeya.

Tun da takardun na malamai uku ne, ki yi hattara da kalma ɗaya mai fuska da yawa. Kari ita ce babbar misali a fanninki. A tsarin sauti, karin sauti shi ne hawa da saukar murya a kan gaɓa: sama, ƙasa, faɗau. A darasin waƙa, kari ma'aunin ɗango ne, yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ke jeruwa. Ga karin harshe, irin Kananci da Sakkwatanci. Ga karin magana kuma. Malamin waƙa zai iya rubuta "kari" tsurarta shafi bayan shafi, domin a ajinsa kowa ya san wanda yake nufi. Idan kika tara waɗannan shafuka a layi ɗaya da na tsarin sauti, za ki fitar da ma'anar da ba ta kowa ba ce. Alamar da za ki gane haka ita ce, kin jera misalan kin rasa abin da ya haɗa su. To ki raba, kowace ta sami layinta da sunan darasinta. Akasin haka ma yana faruwa, abu ɗaya suna biyu: abin da ake kira jigo a rubutacciyar waƙa, masu nazarin waƙar baka da yawa turke suke cewa. Ki rubuta su duka biyu, kowace ki nuna 'yar uwarta, kuma a jarrabawa ki yi amfani da wadda mai kwas ɗin ya yi amfani da ita.

Game da ƙamus, ina son ki riƙe shi amma a bayan takarda. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 da na Bargery na 1934 dukiya ne, sai dai aikinsu na farko shi ne ma'anar da jama'a ke amfani da ita. Naso a bakin mutanen gari danshi ne da ke ratsa bango ko tufa. A takardarki kuwa tasirin sauti ne a kan maƙwabcinsa, kamar yadda muke rubuta gidan Bala amma bakinmu ya ce gidam Bala. Sanin ma'anar gari yana taimaka miki ki riƙe ta ilimi, don hoton ɗaya ne, abu ya ratsa na kusa da shi. Amma ta takarda za ki rubuta.

Idan takardun suna wayarki a matsayin PDF, wurin nema zai rage miki wahalar tara shafuka, a kwamfuta kuma Ctrl+F ne. Abu biyu ke hana shi aiki. Na farko, in hoton takarda aka ɗauka a shagon fotokofi, ba rubutu ba ne a wurin na'ura, komai kika nema za ta ce babu. Ki gwada da kalmar da kike gani da idonki a shafin, in ba ta samo ta ba, ki koma fensir. Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Yawancin takardun da aka buga da tsofaffin salon rubutun Hausa, a ƙarƙashi q ce ke tsaye a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ, ko da idonki yana ganin lanƙwasar. Sai ki nemi ganɗantawa a ce babu, alhali tana nan sau goma. Ki gwada `ganxa`, ki gwada `ganda`, ko ki nemi guntun da ba lanƙwasa kamar `antawa`, wanda zai kawo miki har da leɓantawa.

Wajen tsarawa, kowace kalma ta zo da abu huɗu: ma'ana, misali, shafi, darasi. Ki bambanta ma'anar da malami ya faɗa da bakinsa da wadda ke kika harhaɗa, ko da ɗan tauraro ne a gefen wadda kika harhaɗa. Masu tauraron su ne za ki kai wa ƙawayenki ku gwada, ko ki tari malamin da su bayan lacca, biyar biyar, kada ki kai masa tulin gaba ɗaya. Ni na fi son a jera kalmomin darasi darasi maimakon bin abacada, domin naso da shafewa da ganɗantawa in suna kusa da juna sun fi nuna bambancinsu. Shafi 30 a rana zai kammala miki zagayen farko cikin kwana 6, sannan kalma 10 a rana a zagaye na biyu. Waɗancan 40 da kika riga kika rubuta kada ki yar da su, ki ajiye har ki gama tsinta, sannan ki bi su da gwajin nan ɗaya bayan ɗaya.