Daidaita bokitin S3 da na Google kowane dare: inda kuɗin yake zurarewa

Tambaya: "Muna da bokiti a S3 mai ɗauke da kusan terabait 4, fayil miliyan 2, kuma muna so a riƙa kwafe shi zuwa Google Cloud Storage kowane dare da rclone. Tsoronmu shi ne kuɗin fitar da bayanai, sannan ba mu sani ba ko tsofaffin sigogin fayilolin za su bi su. Wa ya taɓa yin irin wannan?"

Na shafe shekaru ina kula da aiki irin wannan, kuma abin da ya fi muhimmanci da zan faɗa maka shi ne, yawan bayananka ba shi ne zai yanke maka kuɗin wata ba. Abin da zai yanke shi shi ne yadda manhajar kwafin, wato rclone, take gane cewa fayil ya canza. Idan ta yi kuskure a wannan hukunci, sau biyu za ka biya: kuɗin fitar da fayil ɗin daga tushe, da kuɗin ajiye tsohon kwafinsa a ɗaya ɓangaren.

Bari mu fara da lissafin idan komai ya tafi daidai. Fitar da bayanai daga S3, ma'ajiyar Amazon, zuwa intanet yana kai kimanin dala 0.09 a kowane gigabait a yankunan Amurka da Turai, shigar da su Google kuwa kyauta ne. Kwafin farko na gigabait 4,000 zai ci kusan dala 360, sau ɗaya tak. Idan gigabait 20 ne ke canzawa a rana, wannan dala 1.8 ne a dare, wato kusan dala 54 a wata. Ka gudanar da aikin a kan injin da ke cikin Google, domin idan ka ɗora shi a wani kamfani na uku, bayanan za su fita sau biyu, kuma mai yiwuwa a caje ka a kowace fita.

Yanzu ga inda matsalar take. A tsarinsa na asali, rclone yana kwatanta girman fayil da lokacin da aka gyara shi. Idan girman ɗaya ne amma lokacin ya bambanta, sai ya duba MD5 na ɓangarorin biyu, wato lambar da ake lissafawa daga abin da ke cikin fayil, idan sun yi daidai ya gyara lokacin kawai ba tare da sake kwafewa ba. Amma fayil ɗin da aka ɗora a S3 gunduwa-gunduwa ba shi da MD5 a cikin ETag ɗinsa, wato lambar shaidar da S3 ke ba kowane fayil, kuma za ka gane shi da ɗan layi da lamba a ƙarshe, kamar `-37`. Manhajar `aws` tana komawa ɗora fayil gunduwa-gunduwa da zarar ya kai megabait 8, don haka kusan duk manyan fayilolin da aka ɗora da ita suna cikin wannan rukuni. Idan babu MD5 da za a kwatanta, rclone ba shi da zaɓi sai ya sake kwafe fayil ɗin gaba ɗaya.

Wannan ya taɓa faruwa da mu, kuma laifinmu ne. Wani aikinmu na dare yana sake ɗora wata jaka mai gigabait 600 ko da babu abin da ya canza a cikinta. Kowace ɗorawa tana sabunta lokacin fayilolin, saboda haka kowane dare sai a sake fitar da gigabait 600, dala 54 ke nan, daidai da abin da muka ware wa wata guda. Mako guda aka yi kafin mu lura, lokacin an fitar da terabait 4.2, kusan dala 378. Da yake mun kunna adana sigogi a bokitin da ake kwafewa zuwa cikinsa, kowace sake rubutawa ta bar tsohon kwafi, har girman bokitin ya ninka alhali jerin fayilolinsa bai ƙaru da ko ɗaya ba. Alamar tana nan tun daren farko a rahoton aikin, da mun karanta: layuka masu `Copied (replaced existing)` sun rinjayi masu `Copied (new)` nesa ba kusa ba.

Mutane da yawa za su ce maka ka sa `--checksum` ka huta. Yana da amfani, amma ka san iyakarsa: idan wani ɓangare ba shi da MD5, girma kaɗai ake kwatantawa, wato fayil ɗin da ya canza amma girmansa bai motsa ba za a tsallake shi shiru. Kafin ka dogara da shi, ka gudanar da `rclone check` ka dubi adadin da ke gaban `hashes could not be checked`. Idan adadin babba ne, gyaran yana wajen ɗorawa. Ko dai a riƙa ɗora manyan fayiloli da rclone ɗin kansa, domin yana rubuta MD5 a cikin bayanan fayil ɗin, ko kuma, wanda na fi so, kada a sake rubutu a kan sunan da ya riga ya wanzu, a ba kowane sabon abu sabon suna mai ɗauke da kwanan wata.

Game da sigogi kuwa, ba za su bi su ba. Sigar da take raye a lokacin da aikin ya zo ita kaɗai ake kwafewa, kuma lambar siga ta S3 ba ta da alaƙa da wadda Google zai ba kwafin. Idan an gyara fayil sau biyar tsakanin dare da dare, huɗu ba za su taɓa ƙetarawa ba. Tarihin da zai taru a Google tarihin daidaitawarka ne, siga ɗaya a kowane dare. Duk da haka ka kunna adana sigogi a can, saboda `sync` yana goge duk abin da ya ɓace daga tushe, kuma ranar da wani ya share jaka bisa kuskure, ko aka ɓata fayilolin da gangan, daidaitawar dare za ta kai ɓarnar ɗaya ɓangaren da kanta. Sai dai ka haɗa shi da dokar share tsofaffin sigogi ta amfani da `daysSinceNoncurrentTime`, ka ba ta kwanakin da kake ganin za su ishe ku gano kuskure, mu kwana 30 muka sa. Ka kuma yi hattara da ajin ajiya mai araha: Nearline yana cajin aƙalla kwana 30, Coldline kwana 90, ko da an share fayil ɗin kafin lokacin.

Ga kusan yadda umarninmu yake a yau:

```
flock -n /tmp/sync.lock rclone sync s3:tushe gcs:kwafi \
  --checksum --fast-list --max-delete 500 \
  --max-transfer 60G -v --log-file sync.log
```

Amfanin `flock` shi ne hana aikin yau farawa idan na jiya bai ƙare ba. Shi kuma `--fast-list` yana rage yawan buƙatun jerawa, amma yana riƙe jerin duka a ƙwaƙwalwa, kusan kilobait ɗaya ga kowane fayil, don haka ga fayil miliyan 2 ka tanadi gigabait 2 ko fiye. Iyakokin nan biyu su ne na fi damuwa da su. `--max-delete` yana tsayar da gogewa idan ta wuce kima, `--max-transfer` kuma yana katse aikin idan ya kai ninki uku na abin da aka saba, ta yadda kuskure irin namu zai tsaya a kusan dala 5 a dare maimakon 54. Ka cire iyakar `--max-transfer` a kwafin farko kawai, ka fara da `--dry-run`, sannan ka tabbatar akwai wanda saƙo zai isa gare shi duk daren da aikin ya ƙare da kuskure, domin iyakar da ta katse aiki ba tare da kowa ya sani ba tana barin kwafinka yana tsufa.