Lanƙwasar da ke ba J ƙima mafi ƙanƙanta

"Ina aji uku a BUK. Wace y ce ke rage J = ∫₀¹ (y′² + 12xy) dx, idan y(0) = 0, y(1) = 1?"

Ɗan'uwa, y = x³ ce. Ɗauki F = y′² + 12xy, ka sa a ƙa'idar Euler-Lagrange: ∂F/∂y − d/dx(∂F/∂y′) = 0. Za ka samu 12x − 2y″ = 0, wato y″ = 6x, don haka y = x³ + ax + b. Sharuɗɗan bakin biyu su mayar da a da b sifili.

Amma ƙa'idar ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa nan ne ƙasa, nan ɗalibaina suka fi tuntuɓe. Ƙara wa x³ kowace h da ke sifili a bakin biyu, J za ta ƙaru da ∫₀¹ h′² dx, wanda ba ya sauka ƙasa da sifili. Gwada miƙaƙƙen layi y = x ka gani: 5 yake bayarwa, x³ kuwa 4.2.