Tarkon Kalmar da Ke Makwabtaka da Aikatau

Tambaya: Don Allah malam, me ya sa nake faɗuwa a tambayoyin Turanci na JAMB irin su "The list of names ___ on the table"? Na zaɓi "are", aka ce "is" ne daidai.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya yaudare ka shi ne kalmar "names", wadda take jam'i kuma take zaune dab da gurbin da za a cike, alhali kuwa ba ita ce mai aikin ba. Jigon maganar shi ne "list", wato jerin, kuma tilo ne, shi ya sa "is" ta dace. Dabarar da nake koya wa ɗalibaina ita ce su ɗora yatsa su rufe duk abin da ya fara daga "of" har zuwa gurbin, sannan su karanta abin da ya rage. Nan take kunne zai ji cewa "The list is" ce take tafiya daidai.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka, kuma a nan ne na fi ganin masu ƙoƙari suna tuntuɓe. A "A number of students" jam'i ake so, wato "are", domin ma'anarta ɗalibai da yawa, amma "The number of students" tana ɗaukar "is", tunda adadin ake magana a kai. Haka kuma a "neither... nor", suna mafi kusa da aikatau shi yake da iko: "Neither the teacher nor the pupils were there."

Kafin ka zaɓa, duba lokacin aikin ma: idan jimlar tana ɗauke da "yesterday", to "was" za ka ɗauka in mai aikin tilo ne, ko da "is" tana cikin zaɓin.