Daina jinin al'ada da raunin ƙashi

"Mahaifiyata tana Agege, shekarunta 56, ta daina ganin al'ada. Ƙwayar kalsiyam kaɗai za ta kare mata ƙashi?"

'Yar'uwa, ƙwayar kaɗai ba za ta isa ba. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin estirojin, wanda ke kare ƙashin mace, yana raguwa, sai ƙashi ya riƙa zaizayewa da sauri. Hajiya tana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,200 a rana, har da na abinci. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana ba da kusan 300. Ki haɗa mata da zogale da sadin na gwangwani, ta ci har ƙashinsa, ai laushi gare shi. Idan likita ya ƙara ƙwaya, kada ta wuce 500 a sha ɗaya, domin hanji ba ya ɗaukar fiye da haka sosai.

Kuma sai da bitamin D hanji yake ɗaukar kalsiyam. Duk da hasken ranar Legas da ke sa jiki ya samar da shi, mai zaman ɗaka da lulluɓi tana iya rasa shi, don haka a gwada jininta. Ta riƙa tafiya da sauri minti 30 da hawa matakalar bene, ɗaukar nauyin jiki ke ƙarfafa ƙashi. In kin ga tsawonta na raguwa ko bayanta na ranƙwafawa, ku nemi gwajin DEXA, wato hoton da ke auna ƙarfin ƙashi.