Minti 55 na canjin jirgi a Istanbul sun isa?

Tambaya: Daga Yamai zan tashi zuwa Jidda don Umra, canjin jirgi a Istanbul minti 55. In saya ko in bari?

Amsa: Alhaji, fara duba ko tafiyar biyu suna kan tikiti ɗaya, da lambar rajista guda. In haka ne, kamfani ba ya sayar da haɗin da bai kai mafi ƙarancin lokacin da filin ya ƙayyade ba, kuma idan jirgin Yamai ya makara, su za su saka ka a na gaba kyauta. Kayanka ma sai Jidda. In tikiti biyu ne daban, kada ka saya, don sai ka karɓi kaya ka sake rajista, ka makara kuwa asararka ce.

Ko a tikiti ɗayan, ni ba zan so shi ba. Ana rufe ƙofar shiga kamar minti 20 kafin tashi, saura 35. Filin Istanbul ƙato ne, jirgi kan daɗe yana gangarawa kafin ya tsaya, ga binciken tsaro, ga tafiyar ƙasa mai nisa. In da tsoho tare da kai, nemi haɗin awa biyu zuwa uku. In daga Maraɗi za ka taso kuma, ka kwana Yamai tun jajibirin tafiya.