Talatin ɗin da ta cinye min kwano

"Maigida barka da aiki. Zanen rufin shagon nan gangara 30% aka rubuta, ni kuma ma'aunin wayata digiri yake nunawa. Ya ake mayar da shi digiri, in kuma digiri aka ba ni ya zan koma kashi cikin ɗari?"

Kai yaro ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, wallahi talatin ɗin nan har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Wani mai kuɗi ne ya ba ni rufin gidansa, faɗin ginin mita 10, rufi mai gangara biyu, kenan daga bango zuwa tsakiya mita 5. Na ce ina zanen, ya ce yana wajen injiniya amma ya tambaye shi a waya ya ce gangarar talatin ce. Talatin kawai, ba digiri ba komai. Ni kuma tun ina yaron shago da tef aka koya min aiki, a ce talatin na san duk mita ɗaya a kwance rufi ya tashi santimita 30, wato 30% ɗin da kake gani. Na lissafa 5 sau 0.3, katakon tsakiya da yake tsaye mita 1.5, rafta ta fito mita 5.22, na ƙara kusan santimita 60 na baki saboda ruwa kar ya riƙa dukan bango, na sa aka yanko dogon kwano mita 5.8 daga kamfani, kuma da kuɗina na cika don wai sai an rufe zai biya sauran.

Mun gama ɗora katako tsaf sai ga injiniya da takarda a hannu, ya ɗaga kai ya kalli rufin ya ce wa ya kwantar da wannan? Ashe 30° ne a zanen, da ɗan zagayen nan a sama. Digiri 30 kuwa 57.7% ne, kusan ninki biyu. Katakon tsakiya da ya kamata ya kai mita 2.89 nawa 1.5, rafta kuma 5.77 tun kafin a sa baki, to ka ga kwanon da na yanko 5.8 da ƙyar ya taɓo bango, babu baki ko na yatsa uku. Kwanon da aka yanka kamfani ba ya karɓa. Mai kuɗin nan ya kalli tsabar idona ya ce shi digiri ya faɗa min, har da rantsuwa, a gaban yarana. Muka sauke katako, rabi ya tsage wajen cire ƙusa, kwanon ya yi wata huɗu jingine a bayan shagona kafin na samu mai ɗakin kaji ya saya a wulaƙance. Sisi bai ƙara min ba, kuma har yau in mun haɗu a ɗaurin aure shi yake fara miƙo hannu.

Lissafin kuwa ba wani abu ba ne, ku yaran yanzu kuna da kalkuleta a aljihu amma sai kallon bidiyo. A wayoyi da yawa in ka juya wayar a kwance maɓallan `tan` za su fito.

```
digiri = tan⁻¹(kashi ÷ 100)
kashi = tan(digiri) × 100
```

Naka 30 ÷ 100 ya ba ka 0.3, ka danna `tan⁻¹` ka ga 16.7, rufin shagon digiri 16.7 ne kenan. Komawa baya kuma `tan` na 30 shi ne 0.577, sau 100, ga 57.7% ɗin da ya kashe ni. In ka danna ka ga 0.29 maimakon 16.7 to kalkuletar tana kan `RAD`, mayar da ita `DEG`. Ni kullum sai na fara gwada `tan` na 45, in bai ba ni 1 ba na san da matsala, don digiri 45 shi ne 100%, ka tafi mita ɗaya ka tashi mita ɗaya. Na sha jin yara suna cewa 100% bango ne a tsaye, abin dariya.

Masu aikin titi suna da gajeriyar hanya, digiri ɗaya kusan 1.75% suke ɗauka, kuma tana musu aiki don gangararsu kaɗan ce, titin da aka sa wa alamar 10% digiri 5.7 ne kacal. Kar ka kawo min ita kan rufi, a digiri 30 za ta ba ka 52.5 alhali 57.7 ne, a mita 5 ka yi asarar santimita 26 na tsayi.

Mitar da kake ƙirgawa kuma a kwance ake auna ta, ba a bin bayan rafta da tef, wannan ko ɗan koyo na sati biyu ya sani. Gobe ka zo min da zanen da kansa in ga alamar da idona kafin ka taɓa zarto, kuma ka sa mai shagon ya turo maka adadin a rubuce.