Ɗalibai 120 da ƙwallo ɗaya: yadda ake tafiyar da darasin motsa jiki

Tambaya: Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. An ba ni darasin motsa jiki na aji ɗaya, yara 120, minti 40, kuma abin da ke sito ƙwallo ɗaya ce da usur. Idan na fitar da su fili, kaɗan ne suke wasa, sauran suna surutu ko su sulale. Har na koma rubuta musu darasin a allo. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kafin a zo maganar kayan aiki, ina so mu fara yin wani ɗan lissafi, domin a cikinsa matsalarka take. A ce ka jera yaran nan a layi, kowa ya zo ya buga ƙwallon nan guda, a ɗauko ta a dawo da ita ga na bayansa. Ko da komai ya tafi daidai, kowane bugu zai ci kamar daƙiƙa 15, wato yara huɗu a minti ɗaya. Kafin layin ya ƙare an cinye minti 30, kuma abin da kowane yaro ya samu a darasin gaba ɗaya shi ne bugu ɗaya. Sauran lokacin a tsaye ya yi shi cikin rana, kuma yaro ɗan shekara 12 da aka tsayar haka ba shi da laifi idan ya tsokani na gabansa ko ya nemi inuwa. Da za a kawo maka ƙwallo biyar gobe ka ci gaba da jera layi, kowa zai samu bugu biyar ne kawai. Don haka abin da za ka yi yaƙi da shi shi ne layin jira, kuma duk tsarin da zan bayyana an gina shi ne a kan kawar da shi.

Mataki na farko a cikin aji ake yin sa. Ka raba yaran gida shida, kowane gida mutum 20, ka ba kowane gida suna da shugaba da mataimaki, ka rubuta sunayen a takarda ka liƙa a bango, kuma rabon ya zauna haka har ƙarshen zango. Dalilin dawwamar da rabon shi ne, raba yara 120 a fili kowane mako yana iya cinye rubu'in darasin. Kada ka bar su su zaɓi juna, domin masu ƙarfi za su taru wuri ɗaya, a bar marasa ƙarfi suna jin kunya. Idan ajin na maza da mata ne, ka ware gidajen mata daban, ka ba su gefen filin da ya fi sutura. Na sha ganin yarinyar da ba ta taɓa gudu a gaban maza ba ta zama ita ce gwanar gidansu da zarar an yi haka. Shugabannin nan goma sha biyu su ne hannuwanka. Ka riƙa ganawa da su minti biyar a lokacin tara na ranar da ta gabaci darasin, ka nuna musu abin da za a yi, su gwada a gabanka.

Daga nan sai fili. Ka shata murabba'i shida, uku a dama uku a hagu, kowanne kamar taku 15 tsawo da taku 15 faɗi, ka bar hanya a tsakiya inda za ka riƙa kai da kawo. Toka ta isa shata iyaka, ko ka ja layi da sanda a ƙasa, sannan ka aje robobin ruwa da aka cika da yashi a kusurwoyi. Kada ka sa duwatsu ko bulo a matsayin alama, domin a kansu yara suke faɗuwa. Abin da yawancin malamai suke kuskurewa a nan shi ne su shirya wasanni shida daban-daban saboda murabba'in shida ne, sai bayani ya yi yawa, yara su rikice. Wasa uku za ka shirya, kowanne ana yin sa a wuri biyu lokaci guda, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Gidajen dama uku suna zagayawa a tsakaninsu, na hagu ma haka, babu mai tsallaka hanyar tsakiya.

Bari in ɗauki darasi guda in bi shi daga farko. A ce abin da manhaja ta kawo a wannan mako shi ne jifa da cafe ƙwallo. Minti biyar na farko na fitowa ne, gida-gida, kowane shugaba yana kai mutanensa murabba'insu kai tsaye. Minti biyar na biye na ɗumama jiki ne, kowa a inda yake, kai kana tsakiya suna kwaikwayonka: sassarfa a tsaye, juya kafaɗu, tsalle-tsalle, miƙa ƙafafu. Sai minti 24 na ainihin aiki, wato minti bakwai a kowane wasa da minti ɗaya na sauya wuri, sau uku. Minti uku na hucewa da tambaya ɗaya ko biyu a kan abin da aka koya, minti uku kuma na tattara kaya da komawa aji.

A wurin farko ana jifa da cafewa, kuma nan ne ake bukatar ƙwallo. Yara 40 ne a wurare biyun, idan aka sa su huɗu-huɗu ƙwallo goma ake bukata, idan bibbiyu ne 20. Ƙwallon tsumma ce maganin wannan, kuma yaran sun fi mu iya haɗa ta: a cusa ledoji da tsummokara a cikin tsohuwar safa, a murɗa, a ɗaure da zare ko tsinken roba, ta kai girman lemo babba. Ka ce kowane gida ya kawo huɗu, ka samu 24 ba tare da ka kashe ko sisi ba, amma ka matsa kowace da hannunka kafin ka karɓa, saboda akwai mai sa dutse a ciki don ta yi nauyi. Ga mai koyo ma ta fi ta fata, tunda ba ta yi wa yatsa ciwo, kuma idan ta faɗi ba ta gangarawa nesa. Yaro biyu da ƙwallo ɗaya za su yi jifa da cafewa fiye da hamsin a cikin minti bakwai, ka kwatanta wannan da bugu ɗaya na layin da muka lissafa. Ka tabbata duk masu jifa sun jeru suna fuskantar gefe ɗaya, domin idan kowa yana jifa ta inda ya ga dama, ƙwallo za ta riƙa samun fuskar wanda bai sani ba. Su fara da tazarar taku uku, duk waɗanda suka cafe goma a jere su ƙara taku ɗaya, ta haka gwani da mai koyo kowa yana aiki daidai ƙarfinsa.

A wuri na biyu tsallen igiya ake yi. Igiya mai tsawon mita huɗu tana ɗaukar yara biyar, biyu suna kaɗawa uku suna tsalle, wanda ya sarƙe ya karɓi kaɗawa. Igiya takwas ke nan ga yara 40, kuma igiyar shanya ko ta guga tana yi. A wuri na uku babu kaya ko kaɗan: maza su yi langa, mata su yi 'yar gala-gala ko tseren ɗingishi a gajeren zango. Ina girmama langa ƙwarai a matsayin darasi, domin riƙe ƙafa ɗaya da tsalle da ɗayar yana gina ƙarfin cinya da daidaiton jiki, kuma ba ka ɓata lokaci wajen koyar da dokokinta. Gyara biyu kawai nake yi mata: a hana bangaza ta baya, sannan a sauya ƙafa a tsakiyar lokacin. Haka kuma duk wasan da ake cewa wanda ya faɗi ya fita, ka sauya dokar, ya yi tsalle goma a gefe ya dawo, in ba haka ba yaron da ya fi kowa bukatar motsa jiki shi ne zai fara zama.

Ita kuwa ƙwallon fatar nan guda, ka riƙe ta don nuna misali, ko ka riƙa ba gida ɗaya ita kowane mako bi da bi.

Usur ɗinka ya zama yana da ma'ana biyu kacal. Busa ɗaya doguwa, kowa ya tsaya, ya aje abin da ke hannunsa, ya dube ka. Busa biyu, a sauya wuri. Darasin farko gaba ɗaya ka ba da shi ga koyon wannan da koyon zagayawa, ko da ba a yi wani wasan kirki ba, kuma ka sa ran sai mako na uku abin zai zauna. Lokacin aiki kada ka shige tsakiyar gida ɗaya ka ba sauran baya. Ka fi tsayawa kusa da wurin jifa da cafewa, tunda shi ne sabon abin da ake koya, amma a inda idonka yake ganin duk filin. Nan ne kuma za ka samu makin gwaji: kowane mako ka sa ido a kan gida ɗaya, ka yi wa kowane yaro alama a kan abu biyu ko uku, kamar ko yana bin ƙwallo da ido, ko yana tarbarta da hannu biyu. A mako shida ka gama da ajin duka.

Batun lafiya ba na wasa ba ne a taro irin wannan. Kafin darasi shugabanni su bi murabba'insu su tsince kwalba, ƙusa da ƙaya, musamman da yake da yawa babu takalmi suke gudu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ka roƙi shugaban makaranta ya dawo da darasin farkon safiya, kuma kowane gida ya fito da ruwan sha. Tun makon farko ka tambayi masu sikila da masu asma da masu farfaɗiya a keɓe, ka sanar da shugabanninsu. Mai sikila yana iya wasa daidai gwargwado, amma ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar masa da ciwo, don haka ya sha ruwa ya huta duk lokacin da ya so ba tare da neman izini ba. Mai asma kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa. A watan azumi ka rage gudu, ka ƙara wasannin saiti da daidaito. Yaron da ya ce jiri yake ji, ko ya fara tangaɗi ko magana a ruɗe, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki, a sanar da hukumar makaranta, idan bai dawo daidai da wuri ba a garzaya asibiti.

Don ka san ko tsarin yana aiki, ka zaɓi yaro ɗaya a ranka, wanda ba gwani ba, ka bi shi da ido da agogo ka ƙiyasta minti nawa ya yi yana motsi. Abin da ake nema shi ne aƙalla rabin darasin, wato minti 20. Idan ka ga bai kai ba, ka duba wuri uku: ko bayaninka yana wuce minti ɗaya, ko sauya wuri yana jan lokaci, ko kuma wani layi ya sake ɓullowa a cikin murabba'i, wanda galibi a wurin igiya yake faruwa idan ɗaya ta tsinke aka haɗe rukuni biyu. Saboda haka nake aje igiya biyu da ƙwallon tsumma huɗu na ko-ta-kwana a cikin buhun kayan.